Sista ta ce in rubuta da kaina ta sa hannu: takardar shaida don neman Chevening

Maman_Ilham:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema. Ni ungozoma ce, shekarata shida a wani asibitin gwamnati a ƙaramar hukumarmu. Na cike neman tallafin karatu na Chevening na gwamnatin Birtaniya, ina son yin digiri na biyu kan lafiyar al'umma a Birtaniya, kuma suna buƙatar takardar shaida daga mutum biyu. Ɗaya na riga na samu, malamin da ya duba min aikin kammala digiri. Ta biyun ce ta tsaya min a rai. Likitan da ke shugabantar asibitin wata takwas ke nan da kawo shi, sunana ma sai ya duba takarda. Wadda ta san aikina ita ce Sista da muke ɗakin haihuwa tare shekara huɗu, mataki ɗaya ta fi ni. Na same ta da maganar, sai ta ce, "Ke dai je ki rubuta abin da kike so ki kawo in sa hannu, ni ban iya irin wannan Turancin ba." Na zauna zan rubuta, wallahi kunya ta hana ni. Ta yaya zan zauna ina yabon kaina da bakin wata? In kuma na bar mata, ina tsoron layi uku za ta yi. Ya zan yi?

Dan_Kwari:
Wa alaikumus salam. Hajiya, wannan ai faɗuwa ce ta zo daidai da zama. Ta ba ki wuƙa da nama, me kike jira? Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Ki rubuta, ki ƙawata, ta sa hannu. Kowa haka yake yi.

Sadauki88:
Ki yi hattara dai. Ƙanena ya tsaya wa wani abokin aikinsa, mutumin ya gudu da kuɗin kamfani, shi aka kama. Shi ya sa mutane ke gudun sa hannu yanzu. Kila Sistar tsoro take ji. Ki kai mata hotonki da katin ɗan ƙasa ta natsu.

Zee_Kaduna:
Sadauki, garanto kake magana, wannan daban ne. Ba bashi za ta ci ba, ba kuma wanda zai biyo Sista ko da kwabo. Shaida kawai za ta bayar kan yadda ta san aikinta.

Baba_Lakcara:
Malama, ina koyarwa a jami'a, na rubuta irin waɗannan takardu da yawa, na kuma karanta na wasu a kwamitin ɗaukar ɗalibai na sashenmu. Zaɓinki na Sista daidai ne. Muƙamin likita ba zai amfane ki ba in abin da zai iya faɗa shi ne kina zuwa aiki a kan lokaci. Mai karantawa yana fara duba abu uku ne: wannan mai shaidar tun yaushe ya san ta, a wane matsayi, kuma me ya gani da idonsa. Wata takwas ba za su yi gogayya da shekara huɗu a ɗaki ɗaya ba.

Amma shawarar Dan_Kwari ban goyi bayanta ba, kuma ba don tsoron Allah kaɗai ba. Takardar da mai nema ya rubuta wa kansa tana da wari. Kin riga kin rubuta musu bayanai kan jagoranci, da iya hulɗa da jama'a, da dalilin zaɓen kwas, da abin da za ki yi in kin dawo. Salon rubutunki yana hannunsu. In takardar Sista ta zo da irin jimlolinki da irin kalmomin da kika fi so, an gane. Wata alamar kuma, sai ka ga mai shaidar ya san abin da ba shi da hanyar sani, kamar abokiyar aiki tana ba da labarin makin da kika ci a aji uku na jami'a.

Tsakanin "rubuta min" da "na bar miki" akwai hanya ta uku. Ki haɗa mata shafi ɗaya na tunatarwa. Ba yabo za ki sa a ciki ba, abubuwan da suka faru za ki sa. Faɗa mana, me kika yi a wurin nan wanda Sista ta gani, wanda da ba ke ba da bai faru ba?

Maman_Ilham:
Na gode Baba. Ni dai ina ƙoƙari gwargwadon iko, ina da haƙuri da marasa lafiya, ban taɓa samun takardar gargaɗi ba.

Baba_Lakcara:
Kin ga abin da nake gudu ke nan. Wannan duk ungozomar da ke jihar za ta faɗa. Ba halinki na tambaya ba. Wace matsala kika tarar, me kika yi, su wa kika jawo, me ya canza?

Maman_Ilham:
To, akwai maganar awo. A 2022 na lura mata suna zuwa awon farko, daga nan ba ma sake ganinsu sai ranar naƙuda, wasu ma sai an kawo su jini ya ɓalle. Na buɗe wani littafi daban da rajistar asibiti, ina rubuta unguwar mace da lambar wayar mijinta ko ta maƙwabciya da ranar da ya kamata ta dawo. Duk Alhamis ni da wata ma'aikaciya mukan kira waɗanda suka tsallake. Da farko mazan suna kashe waya. Sai na je wajen masu unguwanni uku da limamin masallacin Juma'a, na kuma zauna da ungozomomin gargajiya biyar na nuna musu alamomin da in sun gani su turo mace asibiti nan take. Kafin nan, cikin mata goma da suka yi awon farko da ƙyar uku ke kaiwa na huɗu. Bayan shekara ɗaya sai da muka kai shida. Sista ce ke haɗa rahoton wata-wata, duk ta san wannan. Ita ce ma ta raka ni wurin limamin don ni kaɗai ban iya zuwa ba.

Zee_Kaduna:
Ikon Allah! Kina da wannan a hannu kike ce mana ba ki taɓa samun takardar gargaɗi ba?

Nas_Gusau:
Barka da ƙoƙari 'yar'uwa. Gyara kaɗan: tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da shawararta zuwa ganawa takwas kafin haihuwa, ba huɗu ba. Kada ki rubuta huɗu kamar shi ne ma'aunin yanzu, wani a cikin masu tantancewa zai iya sani.

Maman_Ilham:
Haka ne Nas, na sani. Amma fom ɗin rahotonmu yana da gurbin awo na huɗu, shi ne adadin da nake da shi a rubuce. Na takwas ɗin kaɗan ne ke kaiwa gaskiya.

Nas_Gusau:
To ki faɗe shi haka. Mu ma nan da ƙyar muke ganin mai shida. In mace ta fara awo a wata na shida, ina za a samo takwas?

Baba_Lakcara:
Mu dawo kan takardar. Malama, abin da kika rubuto mana yanzu shi ne rabin shafin. Ga yadda zan tsara shi da ni ne.

A sama ki sa abin da ake nema a jimla biyu: tallafin gwamnatin Birtaniya ne na digiri na biyu na shekara ɗaya, suna neman wanda ya nuna jagoranci da iya haɗa kan mutane, wanda zai dawo gida ya yi aiki aƙalla shekara biyu. Sista ba lallai ta san haka ba, in ba ta sani ba za ta rubuta irin takardar da ake yi wa mai neman canjin wurin aiki. Ki ƙara da wanda za a rubuta wa takardar, da ranar da kike son karɓa, da cewa da Turanci ake so, da sa hannu da kwanan wata.

Sai tarihinku: shekarar da kuka fara aiki tare, matsayinta da naki, da cewa har yau kullum kuna haɗuwa. Za ki ce ai ta sani. Ta sani, amma in ta zauna rubutu za ta yi ta kokwanton 2020 ne ko 2021, daga nan sai ta ajiye biron.

Sai labarin awon, yadda kika ba mu shi, da adadin da ke cikin rahoto. Ki tuna mata da zuwanku wurin liman musamman. Wannan ita ce ta gani, ita kaɗai za ta iya cewa "ina wurin lokacin da ta yi wa liman bayani, kuma Juma'ar da ta biyo baya ya ambaci maganar a huɗuba", idan haka aka yi. Jimla ɗaya irin wannan ta fi sakin layi guda na "haziƙa ce mai ƙwazo". Ki ƙara labari na biyu ƙarami, ko na wani dare da aka shiga ruɗani kika riƙe ɗakin, ko na sabuwar ma'aikaciya da kika horar. Biyu sun isa. In kika jera mata goma, za ta kwafe su a jere, takardar ta koma takardar tarihin aiki.

A ƙarshe ki rubuta mata abin da ba sai ta taɓa ba. Maganar ko za ki iya karatun digiri na biyu, malaminki zai ɗauka. Ki raba musu aikin don kada su maimaita juna.

Abu_Hanif:
Malam, da girmamawa, ni ban ga bambanci sosai ba. Ko ta rubuta jimlolin ko ta zaɓa mata abin da za ta faɗa, duk ita ce ke juya shaidar. Shaida amana ce. Ai ba za ta sa a shafin ba ranar da ta yi kuskure. Mai shaida ya kamata a bar shi ya faɗi abin da ya sani, mai daɗi da marar daɗi.

Baba_Lakcara:
Malam Abu Hanif, maganarka tana da hujja. Inda na ga bambancin shi ne: tuna wa mutum abin da ya gani daban, saka masa hukunci a baki daban. "Mun je wurin liman tare a watan kaza" abu ne da Sista za ta iya gaskatawa ko ta ƙaryata. "Ita ce mafi ƙwarewa da na taɓa aiki da ita" hukunci ne, kuma na Sista ne, ita za ta yanke ko ta ƙi. Shi ya sa nake cewa kada kalmar yabo ko ɗaya ta shiga shafin. Kuma a gaya mata baki da baki cewa duk abin da ba ta tuna ba ta cire, duk abin da ta ga dama ta ƙara.

Abu_Hanif:
In dai za a faɗa mata hakan da gaske, ba faɗar fatar baki ba, da sauƙi. Amma har yanzu raina bai kwanta da zaɓen ba.

Dan_Kwari:
Ku kuna ta falsafa, lokaci yana tafiya. Matar nan ta ce ba ta iya Turancin ba. Ko shafi goma aka ba ta, wa zai rubuta?

Hauwa_Leeds:
Dan_Kwari ya taɓo inda ke ciwo. Ni na bi wannan hanyar, yanzu haka ina karatu a nan. Bari in ba ku labarin karona na farko. Mutum biyun duk suka ce in rubuta in kawo, na rubuta duka biyun a dare ɗaya. Sai bayan na tura na lura akwai wata kalma da nake kuskuren rubutawa, ta fito a takardun biyu, ta kuma fito a bayanaina. Ban samu ba a shekarar. Ba zan rantse cewa wannan ne dalili ba, don ba a faɗa maka, amma kunyar da na ji ni kaɗai na sani.

Karo na biyu ga abin da na yi da shugabar sashenmu, ita ma Turancin rubutu yana ba ta tsoro. Na tura mata tambayoyi huɗu ta WhatsApp: yaushe muka fara aiki tare, wane abu na yi da ya tsaya miki a rai, yaya nake da mutane in an samu saɓani, me kike ganin zan yi in na dawo. Na ce ta amsa da murya, da Hausa. Ta yi minti bakwai tana magana, har ta faɗi abin da ni na manta. Sai na ce, "Anti, wannan da kika faɗa shi ne takardar, ki mayar da shi Turanci yadda kike rubuta rahoto." Ta yi, ɗanta ya buga mata. Turancin ba na burgewa ba ne, amma duk wanda ya karanta ya san mutum ne ya rubuta game da wanda ya sani.

Maman Ilham, Sistar da ke haɗa rahoton wata-wata ta iya Turancin da ake buƙata. Abin da ba ta sani ba shi ne ta ina za ta fara.

Maman_Ilham:
Allah ya saka da alheri Anti Hauwa. To in ta turo muryar ta ce ni in fassara fa? Don na san halinta.

Hauwa_Leeds:
Ni da zan ce ki nemi wani daban ya fassara, ita ta karanta ta gyara. In ke ce, salonki zai shiga ko ba ki so.

Baba_Lakcara:
Ni kuma ina ganin in ya zama dole, fassara maganarta ba ɗaya ba ce da ƙirƙiro mata magana. Sai dai a mayar mata ta karanta layi-layi da biro a hannu. Amma na yarda, hannun wani ya fi.

Tsohon_Akawu:
Kun manta wani abu, ku 'yan boko. Takarda mai tambarin asibiti ba ta kowa ba ce. Na yi shekara talatin a ofis, na ga wanda aka ba takardar tuhuma don ya ɗauki takardar ma'aikata ya rubuta wasiƙar kansa. Sistar nan ba ita ce shugaba ba. Kafin ta yi amfani da tambari da hatimi, a je a gaya wa likita. Kuma 'yata, ki je ki gaya masa da bakinki cewa kina neman karatun nan. In ya ji a bakin wani cewa an tsallake shi an je wurin na ƙasa da shi, ranar da za ki nemi hutun karatu za ki gane kurenki. Fayil ɗinki ta teburinsa zai bi.

Zee_Kaduna:
Wannan gaskiya ne Baba Akawu. Sai ta ce masa, "Ranka ya daɗe, sun ce wanda ya daɗe yana aiki da ni suke so, shi ya sa na nemi Sista, amma na zo neman izini da albarka." Ba wanda zai ji haushin wannan.

Bamaradiya:
Sannunku. Mu nan Nijar abin da muka saba karɓa daga wurin aiki takardar shaidar aiki ce, mai cewa wance ta yi aiki nan daga shekara kaza zuwa kaza, hatimi, sa hannu, shi ke nan. Da na nemi tallafin DAAD na Jamus na ce wa shugabana ya yi min takarda, irin wannan ya ba ni, layi huɗu. Sai da na koma na yi masa bayani cewa ra'ayinsa ake so a kaina. Su kuma can sun matsa a kan tambari da hatimi da sa hannu. Don haka kowa ya karanta sharaɗin wurin da yake nema, ba duka ɗaya ba ne. Ki buga shafin ƙa'idar ki haɗa mata da shi.

Hauwa_Leeds:
Ƙwarai. Kuma ki tuna jami'o'in da kika zaɓa su ma za su nemi tasu shaidar daban. Da yawansu ba ke za ki loda ba, saƙon imel suke tura wa mai shaidar ya shiga ya cike da kansa. Ki tambayi Sista wane imel take buɗewa, ki rubuta shi daidai, ki kuma gaya mata ta riƙa duba akwatin tarkace. Nawa kwana tara ya yi a can ba a gani ba. Ranakun rufewa kuma suna canzawa kowace shekara, ki duba na bana.

Dan_Kwari:
In ranar rufewa 20 ga wata ce, ki ce mata 10. Mutanenmu sai da haka.

Abu_Hanif:
Daga neman shaidar gaskiya sai a fara da ƙarya? Ta ce mata ana rufewa 20, ni ina son in karɓa 10 saboda matsalar intanet. Ai wannan ma ya isa.

Baba_Lakcara:
Mako huɗu shi ne mafi ƙarancin abin da nake so a ba ni. Ba a fafe gora ranar tafiya. Bayan mako biyu a tuna min sau ɗaya, saura mako ɗaya a sake. Wani abu kuma, ba don Sista ba, don masu karatu a ɓoye: Bahaushe ba ya ce maka a'a a fuska. In ka nemi mutum ya ce "to, bari mu gani" bai tambaye ka ranar rufewa ba, bai tambayi me ake nema ba, ya ba ka amsa ke nan. Kada ka matsa. Wanda aka matsa wa yakan rubuta "ban san shi da wani mugun hali ba", kuma wannan jimla kashe mutum take yi. A buɗe masa ƙofa tun farko, a ce, "In aiki ya yi maka yawa wallahi ba komai, akwai wanda zan nema."

Nas_Gusau:
Tambaya: in ta kawo takardar ta ga an yi kuskure, ta ce a gyara? Ba rashin kunya ba ne?

Baba_Lakcara:
Ya danganta da kuskuren. In ta rubuta ungozomomi goma sha biyar alhali biyar ne, dole a gyara, don ke kin rubuta biyar a bayananki, kuma ranar ganawa da masu tantancewa za a iya tambayarki. Suna, shekara, adadi, sunan kwas, duk ki faɗa. Amma in ta ce kina cikin masu ƙwazo, ke kuma kina son ta ce kin fi kowa, wannan ba naki ba ne.

Sadauki88:
To ni yanzu na gane. Amma duk da haka ki riƙa mata ɗan wani abu in za ki je.

Tsohon_Akawu:
Kafin ta rubuta? A'a. Bayan an gama, ko an samu ko ba a samu ba, a je a yi godiya a faɗa mata yadda aka ƙare. Turmin atamfa a lokacin ba laifi.

Maman_Ilham:
Jama'a na gode. Jiya da dare na haɗa shafin, na sa labarin awo da na daren da wuta ta ɗauke muna da masu naƙuda uku. Yau bayan mun miƙa aiki na ba ta, na ce ta yi min murya tukuna. Ta karanta ta yi dariya ta ce ba masu unguwa uku ba ne, huɗu ne, na manta na bayan kasuwa. Ta kuma ce daren wutar ita ba ta nan, tana hutu, labari aka ba ta, don haka ba za ta sa ba. Akwai wani da take son sawa, ta ƙi faɗa min. Likita kuma ya tafi taro sai Litinin, maganar tambari tana nan. In ya hana, takarda fara da sunanta da muƙaminta da lambar wayarta za ta wadatar?

Hauwa_Leeds:
Tawa ta biyu mai tambari ce, don haka ki karanta abin da ƙa'idar bana ta ce kalma-kalma kafin Litinin.

Tsohon_Akawu:
Ba zai hana ba in kin shiga ta wurin sakatarensa. Ki je da safe kafin ya fara zagayen marasa lafiya.